A Fara da Wasa: Yadda Ake Koya wa Yaro Karanta Fili

Duk wanda ya saba tsayawa a bakin filin makaranta da la'asar ya san wannan tsarin. Yara ashirin da huɗu sun yi layi ɗaya, koci ya jera robobi ko duwatsu shida a gabansu, ƙwallo kuwa ɗaya ce tak. Na gaba ya ja ta, ya bi tsakanin robobin yana karkacewa, ya dawo ya miƙa wa na bayansa, ya koma ƙarshen layi. In kowane yaro ya ci daƙiƙa goma, sai ya jira kusan minti huɗu kafin layi ya sake zagayowa kansa. Cikin minti ashirin sau biyar zai taɓa ƙwallo, kuma in an haɗa duka bai cika minti ɗaya da ita a ƙafarsa ba. Ana saura minti goma a tashi sai a raba su gida biyu a ce to, a buga. Nan take su dunƙule a kan ƙwallon kamar ƙudaje a kan mangwaro. Wanda ya fi kowa iya yanke robobi ya rasa ta a taɓawar farko, koci ya yi ta ɗaga murya daga gefe yana cewa, "Ku buɗe! Ku buɗe mana!" Ba wanda ya buɗe, domin ba a taɓa sa ɗayansu a halin da zai ga amfanin buɗewar da idonsa ba.

Yaran ba su da laifi, kocin ma ba ƙeta ya yi ba, abin da ya tarar ke nan. Matsalar tana cikin jerin darasin. Roba ba ta motsi, ba ta kawo ƙafa, ba ta tare hanya. Yaron da ya yi wata guda yana zagaya ta ya koyi yadda ake jan ƙwallo, amma bai koyi yaushe ake ja, yaushe ake bayarwa, ko ina ake tsayawa in ƙwallon tana wurin wani ba. Waɗannan kuwa su ne wasan.

A shekarar 1982 wasu malamai biyu na Jami'ar Loughborough da ke Ingila, David Bunker da Rod Thorpe, suka wallafa wani gajeren rubutu a kan koyar da wasanni a makarantun sakandare. Sun daɗe suna kallon darussan motsa jiki, kuma abin da suka gani bai yi musu daɗi ba. Yara da yawa suna gama makaranta ba su san komai game da wasannin da suka yi shekaru ana koya musu ba. Waɗanda ake ce wa gwanaye ma sun iya sarrafa ƙwallo amma ba su iya yanke shawara ba, kullum sai sun waiwaya sun ji abin da malami zai ce. Sai suka ba da shawarar a juya darasin. A fara da wasa, ƙarami wanda aka gyara daidai da ƙarfin yaran. Daga cikinsa yaro ya gane dokoki da abin da ake nema, ya fara hango dabara, ya koyi zaɓar abin da zai yi da yadda zai yi shi. Sai bayan nan a zo kan gyaran ƙafa da hannu, lokacin da yaron ya riga ya ji a jikinsa cewa yana bukatar gyaran. A matakai shida da suka zana, koyar da salon bugu shi ne na biyar. Ba su jefar da shi ba, wurin zamansa suka canza. Sun kira tsarin koyar da wasanni domin fahimta, kuma daga baya ya yi rassa. Thorpe ya yi aiki da hukumar wasanni ta Ostireliya a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da nasu salon na masu horarwa, a Amurka kuma Linda Griffin da Stephen Mitchell da Judith Oslin suka fitar da littafinsu a 1997, wanda ya taƙaita darasin zuwa zagaye mai sauƙi: wasa, tambaya, atisaye, a koma wasa.

Abokin aikinsu a Loughborough, Len Almond, yana cikin waɗanda suka kasa wasanni gida huɗu bisa irin matsalar da ɗan wasa yake warwarewa. Akwai na raga ko bango irin su tanis, akwai na bugu da tara irin su kurket, akwai na auna bara irin su golf, sai kuma na kutse, inda ƙungiyoyi biyu suke cakuɗe a fili ɗaya kowacce tana neman shiga gidan ɗayar. Ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon hannu, hoki da zari-ruga duk 'yan wannan gidan ne. A ido sun bambanta, wani da ƙafa, wani da hannu, wani da sanda. Amma tambayoyinsu iri ɗaya ne. In ƙwallo tana wurinmu, yaya za mu riƙe ta, mu matsa da ita gaba, mu ci? In tana wurinsu, yaya za mu tsayar da su, mu kare gida, mu karɓe ta? Yarinyar da ta gane a ƙwallon hannu cewa dole ta fita daga bayan mai tsare ta kafin a iya jefo mata, ta riga ta san rabin abin da za ta bukata a ƙwallon ƙafa.

Akwai wata hujja da ta fi kowacce nauyi a wurina. A wasan manya na minti casa'in, ɗan wasa ba ya wuce minti biyu zuwa uku da ƙwallo a ƙafarsa, da yawa ma ba sa kai haka. Duk sauran lokacin yana wasa ne ba tare da ita ba: yana gudu, yana tsayawa, yana janye mai tsaronsa, yana rufe hanya. Atisayen layi yana ƙoƙarin gyara mintuna ukun nan ne kaɗai, ya bar tamanin da bakwai a hannun sa'a.

Darasi guda, daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki ajin yara arba'in da takwas, 'yan shekara goma zuwa goma sha biyu, da darasin minti arba'in. Abin da malami yake so su gane yau abu ɗaya ne rak: yadda za ka taimaki abokinka da ke riƙe da ƙwallo. In ya haɗa da tsaron gida da bugun raga da satar gida a rana ɗaya, ba abin da zai zauna.

Ya raba su rukuni shida, kowanne mutum takwas, huɗu da huɗu. Kowane rukuni ya sami fili mai tsawon taku talatin da faɗin taku ashirin. Filin ƙwallo na manya yana ɗaukar shida irin wannan har da rarar hanya a tsakani. Toka ko jan layi da sanda a ƙasa ya isa iyaka. Babu raga, babu gola. Ana ci ne in ka kai ƙwallo layin ƙarshe na abokan hamayya ka taka ta ta tsaya a kansa. Dalilin cire raga shi ne, muddin tana nan, mai ƙarfin ƙafa zai riƙa dirka ƙwallo daga nesa, wasa ya koma bugu da ɗaukowa. In kuwa layi ne dole a kai ta da dabara, kuma tunda layin yana da faɗin taku ashirin ba mai iya tsare shi shi kaɗai.

Minti shida na farko malami ya yi shiru. Wannan shi ne abu mafi wuya ga duk wanda ya saba da usur a baki. Aikinsa a nan kallo ne, kuma ba ƙwallo zai bi da ido ba, yaran da ba ta wurinsu zai duba. Zai ga abu biyu kusan a kowane fili. Wasu suna rugowa har gaban mai ƙwallo su tsaya taku biyu daga shi, sai su jawo masu tsaronsu su cunkushe masa wuri. Wasu kuma suna can gaba, a bayan abokin hamayya daidai, suna ɗaga hannu suna ihu, "Ba ni! Ba ni!" alhali ba ta yadda ƙwallo za ta ratsa jikin mutum ta same su.

Sai ya busa, kowa ya tsaya a inda yake, kada a motsa. Ya je fili ɗaya da ya zaɓa, sauran su matso su gani. Ya tambayi mai ƙwallo, "Kai, daga nan wa kake iya ba?" Yaron ya duba ya ce, "Malam, ba kowa." Ya juya ga wanda ke ta ihu a gaba, "Kai kuma kana ganin ƙwallon daga inda kake?" Ya ce, "Ina ganin kansa dai, Malam, wannan ya tare ni." "To ina za ka koma har ka ga ƙwallon, ita ma ta gan ka?" Yaron ya yi taku uku zuwa dama. "Yanzu fa?" Mai ƙwallo ya tura masa ita ta wuce sumul. Duk wannan bai kamata ya wuce minti ɗaya da rabi ba. Malami bai ce "ku buɗe" ba, amma yaro ya buɗe da ƙafarsa, kuma ya san dalili. In rana tana da zafi, lokacin shan ruwa shi ne lokacin tambaya, sai a yi abu biyu a tsayawa ɗaya.

Daga nan a rage wasan domin matsalar ta fito fili ƙarara. Kowane rukunin takwas ya rabu biyu, huɗu-huɗu, a murabba'i mai taku goma kowane gefe: mutum uku suna riƙe ƙwallo, ɗaya yana neman karɓewa. Yanzu ana bukatar ƙwallo goma sha biyu, kuma makarantu kaɗan ne suke da su. Ƙwallon leda ko ta tsumma da yara suka ɗaure da kansu tana yin wannan aikin, musamman in an fara da hannu, ana jefawa ana cafewa, mai ƙwallo ba ya tafiya da ita. Farawa da hannu ma yana da amfaninsa, domin idon yaro yana sama, ba ya fama da ƙafa da tunani a lokaci ɗaya.

A nan ne ake ganin kyan abin. Murabba'i yana da kusurwa huɗu, 'yan wasa uku ne, saboda haka kullum kusurwa ɗaya tana fanko. In mai ƙwallo yana kusurwa guda, abokansa biyu ya kamata su kasance a kusurwoyin da ke maƙwabtaka da shi, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Kusurwar da ke fuskantarsa ta tsallake ba ta da amfani, domin mai tsaro a tsakiya yake, a kan wannan hanyar daidai. To da zarar ya ba na damansa, sai lissafi ya canza. Wanda ke hagu yanzu shi ne ya zama na tsallake ga sabon mai ƙwallo, ya ɓuya a bayan mai tsaro ko da bai motsa ba. Dole ya ruga zuwa kusurwar da ke fanko, kuma ya tashi tun ƙwallon tana kan hanya, ba sai ta isa ba. Yaron da ya gano wannan da kansa ya gano asirin da manyan 'yan tsakiya suke ci da shi: wurin da yake da kyau yanzu yana iya lalacewa bayan fasin ɗaya, kuma wanda ba ya da ƙwallo shi ne yake da aiki mafi yawa.

Malami yana da abin juyawa a hannunsa, wato girman murabba'in. In mai tsaro yana karɓe ƙwallo kusan kowane fasin na biyu, wurin ya yi musu kaɗan, a ƙara shi zuwa taku goma sha biyu, ko a ce mai tsaro ya yi tafiya kada ya yi gudu. In kuwa an yi minti guda bai ko taɓa ta ba, ya yi musu yawa, a mayar da shi taku takwas. Abin da ake nema shi ne su riƙa yin nasara sau da yawa amma da gumi.

Da an koma ƙafa sai wata matsalar ta bayyana. Yara sun fara tsayawa a inda ya dace, amma ƙwallo tana tafiya da tsalle saboda da tsinin yatsa ake bugunta, ko kuma mai karɓa ya tare ta ta yi tsalle ta koma wa mai tsaro. Yanzu ne lokacin koyar da bugu da cikin ƙafa, da ajiye ƙafar tsayawa a gefen ƙwallo tana kallon inda za a aika, da karɓa da ƙafar da ta fi nisa daga mai tsaro. Minti uku ko huɗu, bibbiyu, sannan a koma murabba'i. Bugun nan shi ne dai wanda ake koyarwa a layi. Bambancin shi ne yaron yanzu ya rasa ƙwallo sau biyar saboda rashinsa, yana sauraro da kunnen mai bukata.

Minti goma sha biyu na ƙarshe a koma wasan farko, huɗu da huɗu, da ƙarin doka ɗaya: fasin biyar a jere ba tare da abokin hamayya ya taɓa ba maki ɗaya ne, kai ƙwallo layi kuma maki uku. A kula da wannan rabon. In aka daidaita su, yara za su gano da wuri cewa ya fi sauƙi su koma baya su yi ta ba juna, ga hanya a buɗe a gaba ba mai bi. Sai a wayi gari an koya musu riƙe ƙwallo don riƙewa kawai, alhali ana riƙe ta ne don a sami hanyar wucewa.

Raga huɗu

Mataki na gaba shi ne faɗi, kuma ban san wasan da ya kai na Horst Wein koyar da shi ba. Wein Bajamushe ne da ya fito daga hoki, ya yi shekaru yana aiki a Sifaniya, kuma ya tsara wasan yara da ake kira Funino: uku da uku, da ƙananan raga biyu a kowane layin ƙarshe, ɗaya can dama ɗaya can hagu, babu gola, kuma ba a cin ƙwallo sai an shiga cikin mita shida na ƙarshe. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Jamus ta ɗauki irin wannan tsari, ta wajabta shi ga ƙananan yara daga kakar wasa ta 2024 zuwa 2025, inda 'yan ƙasa da shekara bakwai suke buga biyu da biyu ko uku da uku a kan raga huɗu.

Abin da raga biyun suke yi shi ne su jefa masu tsaro cikin zaɓi. In su ukun suka taru suka toshe ragar dama, ta hagu ta zama fanko. In suka rabu, kowace raga ta rage ƙarfi. Mai kai hari kuma, kafin ya yi komai, dole ya ɗaga kai ya ƙirga: ina suka fi yawa? Da farko yara za su yi ta cusa kai a ragar da ta fi kusa ko da mutum uku ne a gabanta. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai tsaya, ya taka ƙwallo, ya juya, ya aika ta ɗaya gefen inda abokinsa yake shi kaɗai. Wannan shi ne sauya ɓangaren wasa da masu sharhi suke yabawa a wasannin manya, kuma ba wanda ya zana masa shi a allo. Tambayar malami a nan gajera ce: "Wace raga ce ba kowa?" Duwatsu takwas sun isa a kafa wannan wasan a kowane fegi.

Dabarar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce, siffar fili da doka suna magana fiye da bakin koci. Fili gajere mai faɗi yana sa a buɗe gefe. Dogo siriri yana sa a nemi gaba da baya. Ƙara wa masu hari mutum ɗaya yana ba su lokacin tunani, cire shi yana matsa musu. A haka ake hawa: uku da ɗaya, uku da biyu, uku da uku, huɗu da huɗu, inda ake samun na gaba da na baya da na gefe biyu a lokaci ɗaya, sannan bakwai da bakwai kafin a kai goma sha ɗaya. Tsaro ma haka ake bi da shi daga biyu da biyu, ɗaya ya matsa wa mai ƙwallo, ɗaya ya tsaya a bayansa ta gefe don in an yanke na farko. Kungiyar Manchester United ta gwada huɗu da huɗu ga 'yan ƙasa da shekara tara a farkon shekarun 2000, kuma da aka kwatanta da takwas da takwas sai aka ga fasin ya ninka fiye da sau biyu, yunƙurin cin ƙwallo da yanka sun ninka fiye da haka.

Inda ake tuntuɓe

Amma ƙaramin wasa shi kaɗai ba darasi ba ne, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Akwai malamin da zai ji an ce a fara da wasa, sai ya jefa wa yara ƙwallo ya koma gindin bishiya. Yaran za su ji daɗi, za su yi gumi, amma mai ɓuya a bayan mai tsaro zai ci gaba da ɓuya har ƙarshen zango. Yaranmu ai ba su rasa ƙaramin wasa ba. Kowane lungu a Kano ko Zariya ko Maraɗi akwai masu buga uku da uku da takalma a matsayin raga, kuma daga nan ne suke samun ƙafa mai laushi da ƙarfin hali. Sai dai wasan lungu yanka yake yabawa. Wanda ya kwantar da mutum biyu shi ake yi wa shewa ko da ya rasa ƙwallon daga baya, wanda ya yi gudun da ya buɗe hanya ba mai ganinsa, ƙarami kuwa a tura shi gola. Abin da malami zai ƙara a kan lungu shi ne manufa ɗaya, doka ɗaya da za ta fito da ita, da tambayar da za ta sa yaro ya faɗi abin da ya gani.

Akwai kuma kishiyar wancan, wato malamin da ya ƙaunaci tambaya har ya mai da fili aji. Kowane minti biyu usur, kowane usur jawabi. In yara sun fi tsayawa a kan gudu, an koma gidan jiya. Tsayawa uku ko huɗu a darasi sun wadatar, kuma tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce, ko wadda malami ya yi ya amsa da kansa, ba ta ƙara komai.

Doka ma tana iya koyar da ƙarya. An saba cewa taɓawa biyu kawai, don a hana son kai. Ga ƙwararru tana da amfani. Ga yaron da bai iya tare ƙwallo ba tukuna, tana sa shi ya rabu da ita a firgice ko da ba kowa kusa da shi, kuma tana hana shi yanka a inda yanka ne daidai. Haka dokar da ta ce sai kowa ya taɓa kafin a ci: yaro zai tsaya gaban raga fanko ya juya yana neman wanda bai taɓa ba. Gwajin kowace doka shi ne a tambaya, abin da take sa yaro ya yi, daidai ne a wasan gaske? In amsar a'a ce, a canza ta. Ya fi kyau a ƙara maki a kan abin da ake so da a haramta abin da wata rana zai zama shi ne mafita. In kuma yaro ɗaya ya fi sauran ƙarfi har ya mamaye fili, kada a ɗaure masa ƙafa. A sa shi cikin masu ƙarancin mutane, biyu da uku, ko a haɗa shi da tsararrakinsa a fili ɗaya.

To yaya malami zai san ana ci gaba? Cin ƙwallo ba ya nunawa, domin ƙungiyar da ke da yaro mafi tsayi da gudu ita ce za ta ci a wannan shekarun. Griffin da abokan aikinta sun fitar da wata hanyar auna wasa a 1998 wadda ta raba abubuwa da dama, kuma uku daga ciki sun isa malami mai takarda da biro: shawara, aiwatarwa, da taimako. Ka zaɓi yaro ɗaya ka bi shi da ido minti biyar. Duk lokacin da ƙwallo take wurin abokinsa, ka sa alama in ya matsa inda za a iya ba shi, ka sa sifiri in bai matsa ba. Duk lokacin da take wurinsa, ka rubuta abu biyu dabam-dabam: zaɓin ya yi daidai? Bugun ya yi kyau? Raba waɗannan biyun shi ne maganar. Yaron da ya hango wanda ba a tsare ba ya aika masa, ƙwallo ta kauce, tunaninsa lafiya lau, ƙafarsa ce ke son aiki. Wanda ya buga fasin mai kyau ƙwarai zuwa ga mutumin da ke tsakanin masu tsaro biyu, ƙafarsa lafiya, idonsa ne ke son aiki. Su biyun duk sun rasa ƙwallo, kuma kocin da ke kallon ƙwallo kawai zai yi musu faɗa iri ɗaya, alhali maganinsu daban ne. Bayan mako huɗu ka sake bin yaron nan ka kwatanta takardun biyu.

Gaskiya ce binciken da aka yi na kwatanta wannan hanya da ta gargajiya bai ba da amsa ɗaya ba. Wasu sun ga ƙaruwa a wajen yanke shawara da sanin wasa, wasu ba su ga babban bambanci ba, kuma da yawa daga cikinsu gajeru ne, makonni kaɗan. Akwai kuma abubuwan da wasa ba zai ba da isasshen maimaici a kansu ba. Bugun ƙafar hagu, bugun kwana, kamun gola, jifan kwando daga layi, waɗannan sai an ware musu lokaci an yi ta yi. Hanyar kuma tana neman malami ya san wasan sosai, fiye da yadda jera robobi yake nema, domin wanda bai san me ya sa aka rasa ƙwallo ba ba zai san tambayar da zai yi ba. Wannan, a ganina, shi ne ainihin abin da ya sa ba ta yaɗu yadda ya kamata ba, ba rashin kaya ba.

Ga malamin motsa jiki ko kocin unguwa da yake son gwadawa, kada ya rushe tsarinsa gaba ɗaya. A atisaye na gaba ya ɗauki minti goman da ya saba bari a ƙarshe ya kawo su farko, ya yi huɗu da huɗu a kan layi, ya yi shiru, ya kalli waɗanda ba su da ƙwallo. Abin da ya gani a minti goman nan shi zai koyar a ranar.